Gwada Dokar Lanƙwasar Haske da Gilashi da Fil

Haske yana karya hanya idan ya shiga gilashi daga iska. Don auna wannan, ana ɗora gilashi mai kusurwa huɗu kan farar takarda, a zagaye shi da fensir, a ja layi tsaye kan gefensa. Sai a kafa fil biyu bisa wani layi mai karkatar digiri 30 daga layin tsayen.

Daga ɗaya gefen ake leƙawa ta cikin gilashin, a kafa wasu fil biyu har huɗun su zama kamar ɗaya. Nan aikin yake lalacewa: fil ɗin da suka matsu kusa, ko suka jirkice, ƙarya suke bayarwa, don haka gindinsu ake duba, ba kawunansu ba. A ɗauke gilashin, a haɗa layukan, a auna kusurwar ciki. Za ta kusa digiri 19.

A maimaita da digiri 40, 50 da 60. Zanen sin i kan sin r yana ba da miƙaƙƙen layi da ya ratsa sifili, gangarensa kusan 1.5, wato ma'aunin lanƙwasar gilashin. Ɗigon da ya kauce daga layin, a sake auna shi.