Kafin Ka Yi Wa Kwamfutarka Fomat, Duba Ram Tukuna

A shagon buga takardu na wani ƙanena da ke Kano akwai wata kwamfutar tebur da ta hana shi sakat. Yau Word ta rufe kanta ana tsakiyar aiki, gobe Chrome, jibi kuma allo ya yi shuɗi, injin ya tashi daga farko. Sau biyu ana yi mata fomat, wai bairos ce. Kuɗi ya tafi, ciwo yana nan.

Abin da ya ja hankalina shi ne ciwon ba ya tsayawa wuri ɗaya. Da manhaja ɗaya ce ke mutuwa kullum a gaɓa ɗaya, da sai a ce laifinta ne. Amma nan ko rubutun da ke kan shuɗin allon canzawa yake yi: wani lokaci MEMORY_MANAGEMENT, wani lokaci PAGE_FAULT_IN_NONPAGED_AREA. Irin wannan kame-kame yakan nuna ram, wato ƴan allunan nan masu haƙoran zinare da kwamfuta ke shimfiɗa aikinta a kai muddin tana kunne. Windows ba ta ba kowace manhaja wuri na dindindin a ram. Idan akwai gurbin da ya lalace, duk wadda ta faɗa kansa a ranar ita ce za ta sha kashi.

Sau da yawa ma ram ɗin lafiyarsa ƙalau, zama ne bai yi daidai ba. Ram irin DDR4 na kwamfutar tebur haƙora 288 gare shi, kowanne kuma sai ya taɓa nasa a cikin ramin. Ƙurar hunturu, zafi da sanyi, da jijjigar ɗaukar kaya a Keke Napep, duk suna iya raba su.

Muka kashe ta, muka zare wayar wuta, na danne maɓallin kunnawa na ƴan daƙiƙu don ragowar wuta ta fita. Na taɓa ƙarfen akwatin kafin in sa hannu. Wannan ba camfi ba ne: tartsatsin nan da kake ji idan ka taɓa ƙofar mota da hunturu ya isa ya kashe ram. Na buɗe maƙallan gefe, na zaro guda biyun, kowanne gigabait 8, ina riƙe da su ta gefe. Na goge haƙoran a hankali da abin goge fensir mai tsabta, na kakkaɓe ɓurɓushin, na kore ƙurar ramukan da abin hura iska. Kar a hura da baki, akwai yawu. Wajen mayarwa, akwai ƴar tsaga a tsakanin haƙoran da dole ta dace da ɗan tudun da ke cikin ramin, sai a danna da ƙarfi har maƙallan su ce ƙas. A laftof kuwa a karkace ake zura shi, sannan a kwantar. Wasu siraran laftof an liƙe musu ram da dalma, babu abin cirewa.

Bayan kwana biyu ta sake. Sai gwaji.

Windows tana da nata: danna maɓallin Windows da R, ka rubuta `mdsched.exe`, injin ya tashi ya gwada kansa. A ganina wannan awon gaggawa ne. Idan ya ce akwai matsala, ka yarda da shi. Idan ya ce babu, kar ka saki jiki. Mun fi dogara da MemTest86, wanda ake ɗorawa a filasha a tayar da kwamfutar daga kanta. Yana rubuta lambobi a kowane gurbi, ya karanto, ya ga ko sun dawo yadda ya ajiye su. A bar shi ya yi zagaye 4, abin da kan ci sa'o'i, don haka a tanadi wuta mai ɗorewa. Kuskure ɗaya tak ya isa hujja.

A zagaye na 2 jajayen layuka suka fito. To wanne ne mai laifin? Nan ne masu gyara da yawa ke gaggawa. Muka bar guda ɗaya a rami, muka gwada: tsaf. Muka cire shi, muka sa ɗayan a wannan ramin dai: kuskure. Muka kai mai kuskuren wani rami, ciwon ya bi shi. Da a ce kowanne ya ba da kuskure a rami guda amma ya wuce a wani, da ramin ne ko babban allon, sayen sabon ram kuma asara ce. Da duka sun wuce, sai mu koma kan zafin firosesa, akwatin wuta ko hadis.

Ƙanena ya yi mako guda yana aiki da gigabait 8 ɗin mai lafiya ba tare da ta ɗauke ba, sannan ya sayo wani. Idan za ka saya, musamman na hannu, ka tafi da tsohon a ga irinsa, kuma ka yi sharaɗi da mai shago cewa za ka dawo da shi idan ya faɗi gwajin MemTest86.