Shafi na buɗewa a wata waya, ya ƙi a wata: yadda ake gano dalili bayan sauya DNS

Wani ɗan'uwana da ke sayar da kayan gyaran manyan motoci a Suame Magazine, a Kumasi, ya bar kamfanin da ke riƙe masa shafin intanet ya koma wani mai rahusa. Daga ranar, shafin na buɗewa a wayarsa, amma ya ƙi a wayar yaron shagonsa, alhali suna zaune a benci ɗaya. Wani mai saye daga Yamai ya kira yana tambaya ko an rufe shagon ne, domin a shafin yake duba lambobin kaya kafin ya turo kuɗi. Wanda ya yi aikin ya ce a jira awa 48. Aka yi kwana huɗu ba abin da ya canza.

Waya ba ta san inda shafi yake ba. Idan ka rubuta sunansa, sai ta tambayi wata kwamfuta mai shiga tsakani, galibi ta kamfanin layinka ko ta waifai ɗin da ka hau, ta ba ta lambar adireshin. Ita kuma mai shiga tsakanin tana samo amsar daga sabar da ke riƙe da asalin bayanan sunan, sannan ta adana ta na wani lokaci. Wannan duka shi ne DNS. Saboda haka wayoyi biyu a benci ɗaya, ɗaya a kan MTN ɗaya a kan Telecel, ba wuri ɗaya suke tambaya ba, kuma ba dole su sami amsa iri ɗaya ba.

Lokacin adanawar ana kiransa TTL, da daƙiƙa ake lissafa shi. Idan an sa 14400, awa huɗu ke nan: mai shiga tsakanin da ta yi tambaya dab da sauyin za ta ci gaba da ba da tsohon adireshi har awa huɗun su cika. Awa 48 ɗin da ake yawan faɗa ma tana da tushe. Ga sunan da ya ƙare da .com, bayanin da ke nuna wace sabar ce ke riƙe da sunan yana ɗauke da TTL na 172800, wato kwana biyu cif. To, jira na da iyaka. Idan kwana biyu sun wuce, a daina ɗora laifi a kan tsohuwar amsa, a nemi abin da ya lalace.

Abin da na fara yi shi ne karanta saƙon da wayar yaron ta nuna, wanda ba wanda ya kula da shi. A Chrome, ERR_NAME_NOT_RESOLVED ko DNS_PROBE_FINISHED_NXDOMAIN na nufin wayar ba ta sami adireshi ba sam. Idan kuwa tsohon shafi ya fito, ko gargaɗin tsaro, ko ERR_CONNECTION_TIMED_OUT, to an ba ta adireshi, sai dai wataƙila na tsohon gida ne. Wayar yaron irin saƙon farko ta nuna.

Daga nan na kunna rabon data a wayar Alhaji, na haɗa ta yaron a kai. Da a ce matsalar ta layi ce, da shafin ya buɗe, tunda yanzu hanya ɗaya suke bi. Bai buɗe ba. Sai na shiga saitin wayar na duba Private DNS, wanda wayoyin da ke kan Faransanci ke rubutawa DNS privé, saitin da ya zo da Android 9 a 2018. Ashe wani abokinsa ya taɓa sa masa dns.google a wurin. Ke nan ko wane layi ya hau, Google wayarsa take tambaya. Da muka kashe saitin, shafin ya buɗe nan take.

A nan mutane da yawa za su ce an gama, laifin wayar yaro ne. Ba haka ba ne. Ba za ka bi masu saye daga Tamale zuwa Maraɗi kana gyara musu waya ɗaya bayan ɗaya ba. Tambayar ita ce, me ya sa Google ta ƙi ba da amsa? A kwamfuta na yi tambaya biyu. Na sa example.com a madadin sunan shagon:

```
dig @8.8.8.8 example.com A
dig @8.8.8.8 example.com A +cd
```

Ta farko ta dawo da SERVFAIL, babu adireshi. Ta biyu ta ba da sabon adireshin daidai. Bambancinsu +cd ne kawai, wanda ke cewa: ba ni amsar, kada ki duba sa hannu. Duk lokacin da aka ga haka, matsalar DNSSEC ce. Wanda ba shi da kwamfuta zai iya yin gwajin a waya: ya buɗe dns.google a burauza, ya rubuta sunan, sannan ya sake tambaya bayan ya kashe tantancewar DNSSEC.

DNSSEC sa hannu ne da ake yi a kan amsoshi don kada wani ya ƙirƙiri na bogi ya karkatar da mutane zuwa shafin damfara. Tsohon kamfanin ya kunna shi ba tare da Alhaji ya sani ba, ya kuma ajiye shaidar makullinsa, wadda ake kira DS, a wurin da aka yi rajistar sunan. Da aka koma sabon kamfani, an sauya sabar amma an bar tsohuwar shaidar. Mai shiga tsakanin da ke tantancewa, irin 8.8.8.8 ta Google ko 1.1.1.1 ta Cloudflare, tana ganin an ce sunan nan yana da sa hannu, ta duba ba ta ga wanda ya dace ba, sai ta ƙi amsawa. Wadda ba ta tantancewa kuwa ba ruwanta, ta miƙa adireshin. Shi ya sa wayar Alhaji ke buɗewa, kuma ko shekara aka jira haka za a zauna.

Umarnin nan ya tabbatar:

```
dig example.com DS +short
```

Layi ɗaya ya fito, alhali sabon kamfanin bai kunna DNSSEC ba. Muka shiga asusun rajistar sunan muka goge DS ɗin. A .com ana iya riƙe wannan bayani har awa 24, don haka na ce wa Alhaji kada ya ɗaga hankali kafin gobe. Washegari mutumin Yamai ya ce ya buɗe. Tsarin da ya kamata a bi tun farko shi ne a cire DS, a bar kwana guda ya wuce, sannan a sauya sabar, daga baya a kunna DNSSEC a sabon wuri a sa sabuwar shaida. Ni dai ina ganin ya kamata a mayar da shi, musamman ga shagon da ake turo wa kuɗi bisa abin da aka gani a shafi.

Ba kowace irin wannan matsala ce ta DNSSEC ba. Idan tambayoyin biyu sun ba da amsa, a duba abu biyu da ake yawan mantawa. Suna mai www a gaba bayaninsa daban yake, ana iya gyara ɗaya a bar ɗaya, sai wanda ya bi tsohon mahaɗi daga WhatsApp ya faɗa tsohon gida. Haka kuma bayanin AAAA, adireshin IPv6: idan an gyara A an bar shi, wayoyin da layinsu ke da IPv6 ne kaɗai za su riƙa zuwa tsohuwar sabar. Ana gane shi da maye gurbin A da AAAA a umarnin farko, a kwatanta lambar da ta fito da wadda sabon kamfanin ya bayar.