Takarda Mai Gida Bakwai: Yadda Ake Yi wa Tunani Tambayoyi

A farkon shekarun 1960, wani likitan ƙwaƙwalwa a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, Aaron Beck, ya shiga bincike da niyyar tabbatar da abin da aka koya masa, wato cewa ciwon damuwa fushi ne da mutum ya danne har ya juyo kansa. Da ya zauna yana sauraron marasa lafiyarsa, sai ya tarar da wani abu dabam. Kafin ran mutum ya ɓaci, akwai wata 'yar magana da takan gifta masa a zuci cikin ƙiftawar ido: "ba ni da amfani", "ba wanda ya damu da ni", "ba za ta taɓa gyaruwa ba". Maganar kan zo ba tare da an kira ta ba, kuma mai ita kan karɓe ta a matsayin gaskiya, bai ko tsaya ya duba ba.

Daga nan aka samo hanyar jinya ta tattaunawa da ake kira CBT a taƙaice. Ginshiƙinta shi ne cewa abin da ya faru ba shi kaɗai ke ɗaga hankali ba, har da fassarar da mutum ya yi masa. Fassarar ce ke haifar da abin da zuciya ke ji, abin da zuciya ke ji shi ke tura mutum ga aikata wani abu ko ƙin aikatawa, sannan sakamakon aikin ya dawo ya ƙarfafa fassarar farko. Albert Ellis ya riga ya fara koyar da makamancin wannan a New York tun 1955, amma tsarin Beck ne aka fi gwadawa a bincike.

Mutum ba ya iya umartar zuciyarsa ta daina jin tsoro. Tunani kuwa ana iya rubuta shi, a yi masa tambayoyi. Don haka aka ƙirƙiro takardar bin diddigin tunani, kuma wadda ta fi yaɗuwa ita ce mai gida bakwai da Dennis Greenberger da Christine Padesky suka fitar a littafinsu na 1995.

A ɗauki misalin wani tela, sati biyu kafin Sallah. A gida na farko ana rubuta abin da ya faru tsurarsa, yadda mai kallo daga gefe zai ba da labari: "Talata da la'asar, Alhaji ya dawo da kaftani, ya ce hannun ya gaza, a gaban yaran shago biyu." Ba a rubuta "ya wulaƙanta ni" a nan, domin wannan fassara ce, tana da nata gidan. Gida na biyu na abin da ya ji ne, kalma ɗaya ɗaya, kowace da maki daga sifiri zuwa 100: kunya 85, fargaba 70.

Gida na uku ya fi cin lokaci. Mai ba da jinyar zai tambaya, "Malam, a daidai lokacin nan, me ya zo maka a rai?" Telan ya ce, "Na ɓata masa yadi." Sai a sake tambaya, "To idan haka ne, me wannan ke nunawa game da kai?" A nan maganar ciki take fitowa: "Hannuna ya lalace. Labari zai bazu, kowa zai kwashe ɗinkinsa." Wannan ita ce magana mai zafi, wadda ta ɗauko mafi yawan fargabar, kuma ita ake ja wa layi. Ana gane ta ne da cewa idan aka karanta ta a fili, ƙirji yakan sake bugawa.

Yana da kyau a duba abin da maganar ta riga ta sa shi yi. Ya kashe waya. Ya mayar da mutum biyu da suka kawo yadi. Da daddare bai runtsa ba, washegari ya zo shago a makare da ciwon kai, ya yi kuskure a yanka, kuskuren kuma ya zame masa sabuwar shaida cewa lallai hannunsa ya lalace.

Gida na huɗu na hujjojin da ke goyon bayan maganar ne, kuma ba a yi musu kwaskwarima. Hannun kaftanin ya gaza da inci biyu. Wannan ne kaya na biyu da aka dawo masa da shi a watan. Gida na biyar na hujjojin da ke karya ta ne, kuma mai damuwa kan sha wuya kafin ya tuno su, shi ya sa ake taimaka masa da tambayoyi: da abokin sana'arka ne wannan ya samu, me za ka ce masa? Telan ya buɗe littafin awo, ya ƙirga kaya 38 da ya sallama a watan, biyu ne suka dawo. Awon Alhaji ta waya aka turo, ba shi ya auna ba. Sannan Alhajin bai karɓi ɗaya yadin da ya bari ba, abin da telan ya manta shaf.

A gida na shida ake haɗa ɓangarorin biyu cikin magana ɗaya: "Na yi kuskuren ɗinka awon da ban tabbatar ba, kuma aiki ya yi mini yawa. Amma kaya 36 cikin 38 sun tafi lafiya, mutum ɗaya ya yi ƙorafi a fili, kuma ana iya gyara hannun." Sai ya ba ta makin yadda ya yarda da ita, a ce 75. A gida na bakwai ya sake auna zuciyarsa: kunya 45, fargaba 30. Ba su koma sifiri ba, ba a kuma sa ran haka, tunda kuskuren ya auku da gaske.

Mutane da yawa a gida na shida suke tuntuɓe. Sukan rubuta "komai zai yi daidai" ko "ni gwani ne", maganar da zuciya ba ta yarda da ita ba, sai makin ya ƙi motsi. Idan makin bai sauka ba, yawanci ɗayan uku ne: ba a kamo ainihin magana mai zafin ba, ko an cusa ji a gidan hujja ("ina jin kamar na gaza" ba hujja ba ce), ko kuwa sabuwar maganar ta yi zaƙi fiye da gaskiya. Shi ya sa ƙwararru ba sa tsayawa a takarda. Za a ce wa telan ya kunna waya, ya kira Alhaji ya zo a auna shi, ya rubuta tun kafin kiran abin da yake zaton zai faru, sannan ya kwatanta da abin da ya faru ɗin.

Wani lokaci kuma bincike kan nuna tunanin gaskiya ne. Matar da ke tsoron mijin da ke dukanta ba ta da kuskuren fassara, kariya take buƙata. Wanda bashi ya yi wa katutu, tsarin biya za a zauna a yi da shi. Wanda kuma damuwa ta kai shi ga daina ci da barci, ko jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko tunanin kashe kansa, asibiti za a kai shi nan take, inda sau da yawa akan haɗa tattaunawar da magani. Ga damuwa da fargaba marasa tsanani, jinyar kan ɗauki zama biyar zuwa ashirin, galibi sau ɗaya a mako, kusan awa guda kowane zama, mutum kuma yana cike takardar a gida tsakanin zama da zama.