Yadda Ake Rage Nauyin PDF Ba Tare da Ƙananan Rubutu Sun Dusashe Ba

Mai neman gurbin karatu ya ɗauki hoton takardunsa guda uku da waya: sakamakon jarrabawar sakandare, takardar haihuwa da takardar shaidar ƙaramar hukuma. Ya haɗa su a PDF ɗaya, sai fayil ɗin ya fito MB 11, alhali shafin da zai ɗora shi ba ya karɓar abin da ya wuce MB 1. Abin da aka saba yi shi ne a matse fayil ɗin har ya shiga. Zai shiga kuwa, amma idan lambar jarrabawar da ke jikin takardar ta daina karantuwa, mai tantancewa na iya ajiye ta gefe.

Nauyin daga kyamara yake farawa. Kyamara mai megafiksel 12 tana ɗaukar hoto mai fiksel 4000 a tsayi da 3000 a faɗi, kuma irin wannan hoto yakan kai MB 3 zuwa 4. Manhajoji da yawa ba sa taɓa hoton, zuba shi kawai suke yi cikin PDF yadda yake. Shi ya sa hotuna uku suka ba da MB 11.

Takardar A4 kuwa ba ta buƙatar wannan yawan. Faɗinta inci 8.27 ne, tsayinta 11.69. Ma'aunin DPI yana nuna ɗigo nawa ke cikin kowane inci, don haka a 300 DPI shafin yana da fiksel 2480 × 3508, a 200 DPI yana da 1654 × 2339, a 150 DPI kuma 1240 × 1754. Abin lura a nan shi ne, idan aka rage DPI da rabi, yawan fiksel yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu ne, domin faɗi da tsayi duka sun ragu.

To a ina ya kamata a tsaya? Mafi ƙanƙantar rubutu a takardar shi ke yanke hukunci. Rubutu mai girman maki 6, irin na ƙasan satifiket, yana samun tsayin fiksel kusan 17 a 200 DPI, wajen 12 a 150, sannan 8 kacal a 100, kuma ƙananan baƙaƙe kusan rabin hakan suke ci. Da fiksel huɗu ba a iya bambance e da c. Saboda haka 150 DPI ta wadatar ga wasiƙa mai manyan baƙaƙe, amma takarda mai lambobi da hatimi ta fi aminci a 200.

Bayan girma sai matsi. Tsarin JPEG yana yanka hoto gida-gida, kowane gida fiksel 8 × 8, yana zubar da bayanan da ido bai cika lura da su ba. A hoton fuska ba a ganin ɓarnar sosai, amma a gefen baƙaƙe tana fitowa kamar ƙura ko hazo. Ingancin 70 zuwa 80 yakan bar rubutu garau. Ƙasa da 50 kuwa 3 ta fara kama da 8. Gara shafi mai 200 DPI a inganci 75 da mai 300 DPI da aka matse zuwa 30.

Ga yadda za a bi da takardun nan uku. MB 1 a raba uku, kowane shafi yana da kusan KB 330. A fara da yanke gefen hoton, a cire tabarma ko teburin da ya shigo, don su ma suna cin wuri, kuma sai takarda ta cika hoton lissafin DPI zai yi daidai. Sai a mayar da dogon ɓangaren zuwa fiksel 2339, a sa inganci 75. Shafin rubutu mai farin fage yakan sauka zuwa 'yan ɗaruruwan KB. Idan har yanzu ya haura, a mayar da takardar da launinta ba shi da muhimmanci zuwa Grayscale, a bar launi ga mai hoton fasfo da jan hatimi. Zaɓin Black & White ya fi kowanne rage nauyi, sai dai yana iya shafe sa hannun da biro bai kama sosai ba, ya mayar da hoton fasfo baƙin tabo.

A yi duk wannan daga hoton asali. Kowane sabon matsi yana ƙara ɓarna a kan ta baya, kuma hoton da aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto an riga an matse shi. A nemi a turo shi ta Document.

Kafin ɗorawa, a buɗe PDF ɗin a zuƙo lambar jarrabawa da ranar haihuwa har su cika allo. Idan 6 da 8 ko 0 da O suna rikitarwa, a koma hoton asali, a ɗaga inganci zuwa 80, a nemo sauƙin nauyin daga shafin da rubutunsa ya fi girma.