Rage Nauyin PDF Ba Tare da Kashe Ƙananan Rubutu Ba

Duk wanda ya taɓa neman aiki ko gurbin karatu ta intanet ya san wannan damuwa. Ka ɗauki hoton takardunka da waya, ka haɗa su PDF, sai a ce fayil ɗin ya yi nauyi. Ka matse shi da ƙarfi ya shige, amma lambar shaidar da ke ƙasan takardar ta daina karantuwa. Mafita ita ce a san abin da ya kamata a fara ragewa da wanda za a bari sai ƙarshe.

PDF dai tamkar ambulan ne, abin da ka zuba shi yake riƙewa. Hoton waya mai ɗigo 4000 a tsaye da 3000 a kwance yakan kai MB 3 zuwa 4. Idan ka haɗa uku, ka tashi da kusan MB 10. A ce shafin da kake cikewa MB 1 kawai ya yarda da shi. Ke nan kowace takarda kada ta wuce KB 330.

Fara da abin da ba shi da amfani. Yanke tebur ko tabarmar da suka fito a gefen takardar, domin su ma nauyi ne. Daga nan sai launi. Kowane ɗigo mai launi yana ɗauke da bayanai uku, na ja da kore da shuɗi, alhali na toka-toka guda ɗaya ne. Idan rubutu ne zalla, zaɓi Grayscale. Amma takardar da ke da hatimi mai launi ko hoton fuska, gara a bar mata launinta. Zaɓin Black & White kuwa ya fi kowanne sauƙin nauyi, sai dai yana iya share hatimin da ya koɗe da sa hannun da tawadarsa ba ta kama sosai ba.

Mataki na gaba shi ne yawan ɗigo, wanda manhajoji ke rubutawa dpi, wato ɗigo nawa ne a inci ɗaya. Takardar A4 a dpi 300 tana da ɗigo 2480 a kwance da 3508 a tsaye, kusan miliyan 8.7 ke nan. A dpi 200 sai ta koma 1654 da 2339, kimanin miliyan 3.9. Wato an rage fiye da rabi.

Me zai hana a ƙara sauka? Ƙananan rubutu ne ke hanawa. Dubi rubutun nan da ake bugawa a ƙasan rasit ko gefen takardar shaida, wanda tsayin ƙaramin harafinsa bai fi milimita ɗaya ba. A dpi 300 harafin yana samun ɗigo 12, a 200 yana samun 8, a 100 kuwa 4 kacal. Da ɗigo 4 ba za a iya zana ramukan lamba 8 su fito fes ba, sai ta riƙa kama da 6 ko 3. Haka lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ take narkewa, suna ya canza kamanni. Shi ya sa dpi 200 ya fi dacewa da yawancin takardu, 150 sai ga manyan rubutu, 300 kuma ga takardar da ƙananan rubutu suka yi mata yawa.

Matsewa ita ce ta ƙarshe, domin ita ta fi yi wa rubutu ɓarna. Tsarin JPEG yana raba hoto gida-gida, ɗigo 8 a tsaye 8 a kwance, ya zubar da bayanan da yake ganin ido ba zai lura ba. A hoton mutum hakan ba ya damun kowa, amma a bakin harafi sai ka ga dishi-dishi ya kewaye shi. Idan manhajarka na da ma'aunin Quality, tsaya tsakanin 60 da 75. Takardar rubutu mai tsabta, toka-toka, a dpi 200, sau da yawa tana sauka kusa da KB 300, ka ga guda ukun sun shige. Idan sun ɗan haura, rage wadda take da manyan rubutu zuwa 150, ka ƙyale sauran.

Kada ka matse abin da aka riga aka matse, domin abin da aka zubar ba ya dawowa, ɓarnar ƙaruwa take yi. Idan gwajin farko bai yi ba, koma kan hoton asali. Haka kuma hoton da aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto an riga an rage shi, sai ka nemi a turo maka ta Document.

Kafin ka aika, buɗe PDF ɗin ka faɗaɗa shi ninki biyu. Kada babban suna na sama ya ruɗe ka. Je kai tsaye wurin rubutu mafi ƙanƙanta: lambar shaida, kwanan wata, rubutun cikin hatimi. Miƙa wa wanda bai san takardar ba ya karanta maka lambar. Idan ya yi inda-inda ko a kan lamba ɗaya ce, ƙara dpi ka sake, domin jami'in da zai tantance ta ba shi da ta asali a gabansa.