Igiyar caji ta yi zafi: wasiƙar da ke dawo da kuɗi

A ce wata baiwar Allah a Kano ta yi odar igiyar caji ta intanet a kan Naira 4,500. A tallan an rubuta cewa igiyar tana ɗaukar wat 60. Kwana huɗu da kawo ta, ta jona wayarta bayan sallar isha'i, can sai ta ji ƙaurin roba. Ko da ta duba, bakin igiyar ya yi zafin da ba ya taɓuwa, robar ta fara narkewa. Allah ya kiyaye ba a kan katifa ta bar wayar ba.

Abin da yawancinmu kan yi shi ne mu jefar da igiyar, mu aika wa mai kaya saƙon faɗa. Shi kuwa amsarsa a shirye take: wutar NEPA ce ta kawo da ƙarfi, ko kan cajarki ne jabu. Don haka aikin wasiƙar shi ne ta nuna cewa laifin na igiyar ne, ba na wani abu ba.

Me ke sa igiya zafi? Wutar da ke bi ta cikinta tana gamuwa da turjiya, turjiyar kuma ita ke zama zafi. Idan silin tagullar ciki ya yi siriri, ko aka yi ha'inci aka sa alminiyon aka shafe shi da tagulla, turjiyar sai ta ƙaru. Kuma zafin ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da wutar: in wutar ta ninka biyu, zafin ninkawa huɗu yake yi. Shi ya sa igiyar da ta zauna lafiya da ƙaramar waya take narkewa a kan mai saurin caji. Igiyar USB-C ta gaskiya an yi ta ne ta ɗauki amfiya 3, wato wat 60 a kan bolt 20. Wadda ta narke a ƙasa da haka ba ta cika abin da aka tallata ba.

Amma a yi adalci. Ƙura ko danshi a ramin cajin waya su ma suna ƙona bakin igiya, balle lokacin hunturu. Sai a leƙa ramin, a kuma gwada kan cajar nan da wayar nan da wata igiya mai kyau. In babu zafi, an sami hujja. Ita dai wadda ta narke kada a sake jona ta, ko don ɗaukar bidiyo.

Ga yadda wasiƙar za ta kasance:

"Assalamu alaikum. Ranar 3 ga wata na karɓi igiyar caji ta USB-C da na yi oda a wurinku a kan Naira 4,500; lambar odar tana cikin rasit ɗin da na haɗo. Ranar 7 ga wata, bayan kamar minti ashirin da jona ta, bakinta na ɓangaren waya ya yi zafi har robar ta narke. Kan cajar wat 25 ne, wanda ya zo tare da wayar. Na gwada shi da tsohuwar igiyata, bai yi zafi ba, ramin wayar kuma babu datti. Ga hotuna uku. Ina neman a mayar mini da kuɗina duka cikin kwana bakwai, ba canji ba. Igiyar tana nan da kwalinta in kuna son karɓa. Don Allah ku duba sauran da ke hannunku kafin su shiga wani gida. Na gode."

Lura da cewa ta faɗi ƙarfin kan cajarta. Igiyar da aka ce ta wat 60 ce ta kasa ɗaukar 25, wannan kaɗai ya rufe bakin gardama. Ta kuma ƙi canji, kuma na ga dacewar haka, domin wadda za a aiko mata wataƙila daga kwali ɗaya suka fito.

In mai kaya ya ce su ba sa mayar da kuɗi, to doka ba ta tare da shi. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba mai saye a Nijeriya damar mayar da kaya mai aibi ko haɗari cikin wata uku da karɓarsa, a gyara, a canja, ko a biya shi, kuma kuɗin mayarwar a wuyan mai sayarwa yake. In wa'adin kwana bakwai ya cika shiru, sai ta kai ƙara hukumar FCCPC da wasiƙar, da rasit, da hotunan.