Me Ya Sa Kafinta Ke Tsayar da Katako a Kan Gefensa?

Duk wanda ya taɓa tsayawa yana kallon aikin rufi ya ga yadda kafinta ke ɗaukar katako mai faɗi, ya ƙi shimfiɗa shi, ya tsayar da shi a kan siririn gefensa sannan ya buga ƙusa. In ka tambaye shi dalili, zai ce maka haka ya fi ƙarfi, kuma gaskiyarsa. To amma ya fi da nawa? Amsar tana cikin wani adadi da injiniyoyi ke kira momen na biyu na fili, suna rubuta shi da harafin I. Adadi ne da ke auna yadda siffar katako ko ƙarfe ke taimaka masa ya ƙi lanƙwasa, ba tare da an dubi irin icen ko irin ƙarfen ba.

A ɗora katako a kan bango biyu, a aza masa kaya a tsakiya. Yana lotsawa, sai bayansa na sama ya matse, cikinsa na ƙasa ya miƙe. Tunda sama matsewa yake yi ƙasa kuma miƙewa, dole akwai wani layi a tsakani da bai matse ba bai miƙe ba. Idan katakon duk iri ɗaya ne, wannan layi yana ratsa cibiyar fuskar da za ka gani in ka yanke shi da zarto. Icen da ke kusa da layin kusan zaman banza yake yi. Wanda ke can nesa, a sama ko a ƙasa, shi ke shan wahala. Nisan kuwa sau biyu yake shiga lissafi: ɓangaren da ya fi nisa ya fi miƙewa, don haka ya fi turjiya, sannan turjiyar tasa ta fi tasiri saboda tana aiki daga nesa, kamar yadda sifana mai dogon hannu ta fi saurin kwance noti. Shi ya sa ake ɗaukar kowane ɗan yanki na fuskar, a ninka shi da nisansa daga layin cibiya sau biyu, a tara duka. Jimillar ita ce I.

Ga fuska mai kusurwa huɗu irin ta katakon kasuwa, an riga an yi wannan tarawa, sakamakon kuma gajere ne:

I = b × h³ ÷ 12

A nan b shi ne faɗin fuskar daga hagu zuwa dama, h kuma tsayinta daga ƙasa zuwa sama, wato ta inda nauyi ke dannowa. Faɗi sau ɗaya ya shiga, tsayi kuwa sau uku. In ka ninka faɗi biyu, I ya ninka biyu. In ka ninka tsayi biyu, I ya ninka takwas.

Mu ɗauki katakon da ake kira tu-bai-sikis, mai kaurin santimita 5 da faɗin santimita 15 in ya cika awo. A tsaye, b shi ne 5, h kuma 15. Sha biyar sau sha biyar sau sha biyar ya ba da 3,375, a ninka da 5 a raba da 12, an sami kusan 1,406. A kwantar da shi, b ya zama 15, h ya koma 5: 125 sau 15 a raba da 12, kusan 156 ke nan. Katako ɗaya, nauyi ɗaya, kuɗi ɗaya, amma juya shi kawai ya kawo bambancin ninki tara. Ma'aunin wannan adadi santimita ne da aka ninka sau huɗu, ana rubuta shi cm⁴, kuma ba abu ne da ido ke iya gani ba. Amfaninsa yana wajen kwatantawa da kuma shigar da shi cikin lissafin lotsawa.

Ga yadda abin yake a aikace. A ce tazarar bangon biyu mita 3 ce, aka ɗora buhun siminti biyu, kilo 100, a tsakiyar katakon. Lissafin lotsawa a irin wannan hali shi ne P × L³ ÷ (48 × E × I), inda P ke nufin nauyin, L tazarar, E kuma taurin shi kansa icen. In muka ɗauki ice mai matsakaicin tauri, wanda E ɗinsa ya kai nutin 10,000 a kan kowace murabba'in milimita, katakon da ke tsaye zai lotsa da milimita 4, abin da da ƙyar za a lura da shi. Wanda ke kwance zai lotsa da milimita 36, kusan faɗin yatsu biyu, kuma ko daga bakin ƙofa za a hango cikinsa ya sauko.

Sai dai kada a ce ƙarfinsa ma ya ninka tara. Ƙin lanƙwasa daban, ƙin karyewa daban. Karyewa tana farawa ne daga ɓangaren da ya fi nisa da layin cibiya, don haka ana raba I da wannan nisa kafin a san iyakar abin da katako zai ɗauka. A tsaye nisan santimita 7.5 ne, a kwance 2.5. In aka yi rabon, sai a ga katakon tsaye ya fi na kwance jure karyewa da ninki uku ne kacal. Ukun ma ba kaɗan ba ne, amma wanda ya ɗauka tara ne zai yi wa rufinsa lodin da ya fi ƙarfinsa.

Wannan h mai shiga sau uku shi ne dalilin da ya sa ya kamata mai gini ya je kasuwar katako da tef a aljihu. Sau da yawa sunan katako daban, abin da injin ya yanka daban. In aka rage santimita ɗaya a tsayin fuskar, 15 ta koma 14, I ya faɗi daga 1,406 zuwa kusan 1,143, an yi asarar kusan kashi 19 cikin ɗari. Ido ba zai ga wannan santimita ba, amma rufin zai ji ta. Haka nan wanda ya rasa tu-bai-sikis ya ce bari ya ɗora tu-bai-tiri biyu ɗaya a kan ɗaya: muddin ba a haɗe su gam ba, kowanne zai lanƙwasa a kan nasa layin cibiyar yana zamewa a kan ɗan'uwansa, kuma su biyun rubu'in aikin katako guda mai tsayin 15 kawai za su yi.

Fuska mai kusurwa uku, wato alwatika, ita ce ke kayar da ɗalibai, wani lokaci har da waɗanda suka daɗe da barin aji. Cibiyarta ba a rabin tsayi take ba. Tunda gindin ya fi faɗi, cibiyar ta sauko zuwa kashi ɗaya cikin uku na tsayin daga gindi, ta bar kashi biyu cikin uku zuwa tsinin. Duk mai shakka ya yanki kwali a wannan siffa ya ɗora shi a kan kaifin wuƙa daidai da gindin, zai ga inda ya daidaita. A kan layin da ya ratsa wannan cibiya, lissafin shi ne:

I = b × h³ ÷ 36

A ɗauki alwatika mai gefe biyu daidai, gindinta santimita 5, tsayinta 15. Icen da ke cikinta rabin na tu-bai-sikis ne, don haka mutum zai zaci rabin aikin za ta yi. Ina! I ɗinta kusan 469 ne, sulusin 1,406, kuma a ƙarƙashin buhunan simintin nan biyu za ta lotsa da milimita 12. Dalili kuwa a fili yake: an zabtare icen ne daga can sama, wurin da ya fi amfani. Ko da an faɗaɗa gindin zuwa santimita 10 don icen ya zo ɗaya da na tu-bai-sikis, kashi biyu cikin uku kawai za a samu. Ga kuma matsalar tsinin. Yana nesa da layin cibiya da santimita 10, gindin kuma 5, saboda haka wahalar da tsinin ke sha ta ninka ta gindin biyu, alhali a nan ne ice ya fi ƙaranci. A misalinmu, abin da tsinin alwatika mai gindi 5 ke sha ya ninka na gefen tu-bai-sikis har sau huɗu.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a rubuta wa alwatika b × h³ ÷ 12. Abin da ke sa kuskuren ya yi ɗaɗin shiga kai shi ne lissafin gaskiya ne, amma na layin da ya bi ta gindin alwatikar, ba ta cibiyarta ba, kuma bim ba a kan gindinsa yake lanƙwasa ba. Akwai ƙa'idar da ke haɗa su biyun, wadda ake jingina wa Huygens da Steiner: in ka matsa daga layin cibiya zuwa wani layi da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da shi, sai ka ƙara girman fuskar da aka ninka da tazarar sau biyu. Girman fuskar alwatikarmu 37.5 ne, tazarar 5, wato 37.5 sau 25, kusan 937. A haɗa da 469, an dawo 1,406. Da wannan mutum zai iya kama kansa: in alwatika ta ba ka amsa ɗaya da katako mai kusurwa huɗu da suke gindi ɗaya tsayi ɗaya, to ka auna daga layin da ba shi ba, kuma ka ba bim ɗin ninki uku na abin da yake da shi. Ba ƙananan mutane kaɗai wannan layi ya ruɗa ba. Galileo, a littafinsa na 1638, ya ɗauka bim ɗin da aka kafa a bango yana juyawa ne a kan gefensa na ƙasa, sai lissafinsa ya zuzuta ƙarfin bim fiye da kima. Bafaranshe Antoine Parent ne ya gyara wannan a 1713, daga baya Coulomb da Navier suka daidaita lissafin.

Lissafin yana da iyaka, kuma azara ta isa misali. Ana tsaga ta ne daga gangar giginya, don haka takan zo da baya mai faɗi da ciki mai tsukewa. Amma giginya ba iri ɗaya take ba daga waje zuwa ciki: bayanta ne mai tauri, cikinta kuwa laushi gare shi. A irin wannan ice layin da ba ya matsewa ba ya miƙewa yana karkata wajen ɓangaren mai tauri, ya bar cibiyar siffar, kuma rabawa da 36 ba za ta ba da amsar gaskiya ba. Haka bim ɗin kankare yake: simintin da ke ƙasan layin yana tsattsagewa, rodi ne ke ɗaukar miƙewar, shi ya sa injiniya ke yi masa lissafi na daban. Shi kansa katakon da aka tsayar, in ya cika tsayi da siranta, yana iya murɗewa ya kife ta gefe, domin ta wannan ɓangaren I ɗinsa 156 ɗin nan ne. Maganinsa shi ne a buga gajerun katakai tsakanin bim da bim, ko a bar falin da aka gicciya a sama su riƙe shi.